Ƙorafin ’yan haya ya yi mini yawa, yaya zan tsara wa ejan?

Assalamu alaikum jama’a. Ina kula da wani gidan haya mai ɗaki 8 a Badariya, Birnin Kebbi. Makon nan kaɗai saƙo 14 suka turo mini a WhatsApp, rabi na murya, wasu da faɗa. Ejan ya ce in daina tura mishi tarkace, in rubuto abin da zai gane. Ta ina zan fara?

Baban Ummi: Ƙanena, matsalolin za ka ƙirga, ba saƙonnin ba. Ka saurare su duka da biro a hannu, za ka iske 14 ɗin ba su wuce uku ko huɗu ba. Wanda ya ce famfo ba ruwa da wanda ya ce tanki ya bushe, magana ɗaya suke yi. Kafin ka rubuta komai, je ka gani da idonka, ka ɗauki hoto. A ce na ɗaki na 5 ya ce “ruwa ya cinye mu, kuɗi kawai kuka sani”. Abin da za ka tura ke nan: “Ɗaki na 5: rufi na yoyo ta kusurwar gabas tun ruwan daren Talata. Na duba Laraba, silin ya jiƙe ya sauko, kuma ruwan na bin bango kusa da soket. Na kashe wutar ɗakin. Sau biyu ke nan yana kawo ƙorafin. Ina neman izinin kiran kafinta gobe.” Faɗan ya fita, amma “sau biyu” ta zauna, don ita za ta nuna wa ejan haƙurin mutumin ya kusa ƙarewa. Kada ka rubuta cewa kwano ya huje in ba ka hau ka gani ba, wataƙila ƙusa ce ta saki. Duk abin da ya haɗa ruwa da wuta, ko sokawe da ta cika, shi ne a sama. Ƙofa mai ƙara ta jira.

Maman Hanan: Ni dai a haɗa mishi da saƙon muryar, kada gobe a ce kai ka ƙara gishiri.

Baban Ummi: Hajiya, ajiyewa dai zai yi, shaida ce. In ya tura, zagin kawai ejan zai ji, ya manta yoyon.

Ɗan Gesse: Mu ma tun Agusta namu ke zuba. Ku cire kuɗin gyaran daga na haya kawai, shi ne maganinsu.

Maman Hanan: Malam, shi ba ɗan haya ba ne ai. Amma Baban Ummi, in ƙorafin a kan maƙwabci ne, kamar mai kunna janareto har ƙarfe 1 na dare, a sa sunan wanda ya kai ƙarar?

Baban Ummi: Ni lambar ɗakin mai janareton kawai nake sawa.

Maman Hanan: To in ejan ya ce wa ya faɗa fa? Namu sai ya tambaya.