Baitin kati da sunan AISHA: "sh" harafi ɗaya ne ko biyu?

Jama'a, ina neman taimako. Baiti nake tsarawa na katin biki, kowane ɗango ya fara da harafin sunan amarya, gaɓa 10, amsa-amo "ya". Biyu sun zauna:

Allah ya sa albarka, amarya,
Ina ta fatan zaman lafiya.

A "sh" na cije. A Hausa harafi ɗaya ne, sai baitin ya zama ƙwar huɗu. Amma in aka yi wa harafin farko ruwan zinare aka karanta daga sama, AISA zai fito. In na raba S da H, ƙwar biyar ke nan, katin kuwa ɗango huɗu yake ɗauka. Wanne ya fi? Sannan ina son ɗangon ƙarshe mai A, addu'ar zuriya, ba tare da maimaita "Allah" ko "amarya" ba.