An rubuta mata kemo takwas, inshora ta sa hannu a kan huɗu

Maman Khalil: Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema a kan yayata, shekarunta 44, ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, tana da katin NHIA, inshorar lafiya ta gwamnati. An gano sankarar mama a gefen hagu, har ta taɓa kaluluwar hammata. Likita ya ce kemo takwas, duk bayan sati uku, sannan tiyata. HMO ɗinta, wato kamfanin da ke kula da inshorarta, sun ba da lambar amincewa a kan huɗu kawai, ta sha uku. Mun nemi a sake siti sikan mu ga ko abin yana raguwa, sun ƙi, wai an yi ɗaya a farko. Ga shi wani likita ɗan unguwarmu ya duba takardun ya ce shi shida ya sani, ba takwas ba. Kanmu ya ɗaure. Mu dakata mu nemi wani likitan ne, ko mu ci gaba?

Alhaji Bala Fagge: Wa alaikumus salam. Allah ya ba ta lafiya. Ni dai in da hali ku kai ta Masar. Matar ƙanena can aka yi mata, cikin kwana huɗu aka gama duk gwaje-gwaje.

Maman Khalil: Amin Alhaji. Halin ne babu. Ko nan ɗin ma da karo-karo muke yi.

Sista Hadiza: Maman Khalil, shekarata tara a ɗakin kemo, bari in fara da abin da ya fi damuna a maganarki, wato kalmar "dakata". Kada ku dakata. Ta sha ta huɗu a ranarta, in dai jininta ya kai. Neman ra'ayin wani likita ana yin sa ne a cikin sati ukun da ke tsakanin allura da allura, ba a tsayar da magani dominsa. Tambaya ɗaya: allurar da ake yi mata ja ce, har fitsarinta kan yi ja kwana ɗaya ko biyu?

Maman Khalil: Ƙwarai kuwa Sista, ja ce. A katin an rubuta AC.

Sista Hadiza: To na gane tsarin. AC magani biyu ne, doksorubisin, ita ce jar, da saiklofosfamid. Ana yin su sau huɗu, sai a canza zuwa wani magani daban, dosetaksel ko faklitaksel, a ƙarasa. Huɗu da huɗu, takwas ke nan. Shi ma likitan unguwarku bai yi ƙarya ba, akwai tsarin da ake yin uku da uku, akwai kuma wani mai shida da babu jar allurar a ciki gaba ɗaya. Amma ba a hawa wannan motar a sauka a tashar waccan. Wanda ya fara da AC ya tsaya a shida, ya bar rabin magani na biyu ne a hanya. Saboda haka in kun je wurin wani likita, kada ku tambaye shi shida ko takwas. Ku ce ga tsarin da aka ɗora ta, ya dace da irin ciwonta?

Wannan ya kawo ni kan abin da ban ji kin ambata ba. Bayan sakamakon naman da aka yanka, an yi gwaji na biyu a kansa? A takardar za ki ga an rubuta ER, PR da HER2, alamomin da ke nuna irin ciwon da maganin da zai ji.

Maman Khalil: Takarda ɗaya ce a hannunmu, babu waɗannan haruffan. Na tuna an ce akwai wani gwaji da za a tura, kuɗinsa daban, lokacin ba mu da shi sai muka bari.

Sista Hadiza: To nan gizo ke saƙa. Wannan gwajin ya fi siti sikan ɗin da kuke nema muhimmanci nesa ba kusa ba. In gwajin ya nuna ciwon na ɗauke da HER2, ana ƙara mata tirastuzumab, kuma lokacin fara shi shi ne daidai zagaye na biyar, tare da magani na biyu. Ba a cika haɗa shi da jar allurar ba domin dukansu suna iya taɓa zuciya. Ana ci gaba da shi duk sati uku har shekara guda. In kuma ER ne ya fito, bayan an gama akwai ƙwaya irin tamoksifen da za ta sha shekara biyar ko fiye. Kin ga ke nan ba wanda zai iya cewa tsarinta ya cika sai an ga wannan sakamakon, ko likitan farko ko na biyu. Kuna da kamar sati huɗu ko biyar kafin na biyar, gwajin kuma yakan ɗauki sati ɗaya zuwa uku, gwargwadon inda aka tura. Gobe za ki fara.

Ba sai an sake yanka ta ba. Naman yana nan a ɗakin gwaji cikin ɗan bulon kaki. Likitanta zai rubuta takarda a ba ku bulon da gilasan da aka duba. Ki riƙe lambar da ke jikin sakamakon, da ita za su nemo. Kada ki bar shi a mota cikin rana, kaki ne.

Inna Talatu: Ni fa gara da suka hana hoton nan. An ce yawan shiga na'urar shi ke watsa ciwon. Maƙwabciyata bayan hoto na uku ta kwanta. Ku haɗa mata da ganyen tuwon biri, ana dacewa.

Sista Hadiza: Inna, hoto ba ya watsa sankara, abin da yake can ne yake nunawa. Maganar ganye kuma don Allah kada a ba ta komai ba da sanin likitanta ba, hanta ce ke tace kemo, in aka ɗora mata wani nauyi gwajin jini ya lalace sai a ɗage allurar.

Amma a kan wannan hoton, ni ma ba zan yi faɗa da HMO ba. Na farko an yi shi ne don a ga ko ciwon ya kai huhu ko hanta. In dai bai kai ba, ana bin raguwar ƙullutun ne da hannun likita da ma'auni a kowane zuwa, sai sikanin na mama da hammata a tsakiya da kuma kafin tiyata. Siti na biyu sai in wani abu sabo ya taso: tari mai naci, haki, ciwon ƙashi a wuri ɗaya, idanu sun yi rawaya, ko ƙullutun yana girma duk da magani. In za ki kashe ƙarfinki wajen neman lamba, ki nema a kan hoton zuciya, eko. Wanda ya sha doksorubisin kuma zai shiga tirastuzumab dole a duba ƙarfin bugun zuciyarsa kafin a fara, a riƙa maimaitawa duk kamar wata uku.

Baban Ummi: Ni na yi aiki a teburin inshora na wani asibiti, bari in ɗan sa baki ta ɓangaren takarda. Sau da yawa ba ƙin amincewa aka yi ba, abin da aka nema ke nan. In takardar da ta je wurin HMO ta ce AC sau huɗu, huɗu za su bayar, domin magani na biyu sunansa daban, farashinsa daban, lambarsa daban. Ki je teburin ki ce a nuna miki ainihin abin da aka tura. In haka ne, ki roƙi babban likitanta ya rubuta tsarin gaba ɗaya a takarda ɗaya mai hatimi: sunan ciwon da matakinsa, kowane magani da yawansa da sau nawa, gwajin jinin kowane zagaye, eko, sikanin, tiyata, da gashi, wato ƙona ciwon da hasken na'ura, in za a yi. A tura tun yanzu. Kuskuren da mutane ke yi shi ne su bari sai ranar allura da safe a fara neman lamba, mara lafiya na zaune a benci har la'asar.

A rubuta yawan maganin ma, ba suna kawai ba. Na sha ganin an amince da kwalba ɗaya alhali biyu ake buƙata.

Sista Hadiza: Gaskiyarka. Misali doksorubisin miligiram 60 ne a kan kowane murabba'in mita na faɗin jiki, ana lissafawa da tsawo da nauyi. Mace matsakaiciya mai 1.6, miligiram 96 ke nan, kwalbar kuma 50 ce. Biyu za a buɗe.

Alhaji Bala Fagge: Ai ni na ji yanzu doka ce, cikin awa ɗaya dole HMO su ba da lamba, kuma komai na kansa gwamnati ta ɗauke.

Baban Ummi: Rabin farko haka ne Alhaji, a 2025 NHIA ta ba da umarnin awa ɗaya. Amma umarnin a kan saurin amsawa ne, bai mayar da abin da ba ya cikin kunshin mutum ya shiga ba. Rabi na biyu kuwa a'a. Akwai abin da ake biya duka, akwai wanda ake raba kuɗin, akwai wanda ke kan mara lafiya. In sun ƙi wani abu, Maman Khalil, ki ce su rubuta dalili. Da wannan takardar za ki je ofishin NHIA na jiharku. Ƙorafin baki ba ya zuwa ko'ina. Ki kuma tambayi sashen walwalar marasa lafiya a kan asusun tallafin masu kansa na gwamnatin tarayya, sankarar mama tana ciki, sai dai ba kowane asibiti ne ke cikin shirin ba, kuma ana jira.

Maman Khalil: Na gode ƙwarai. To likita na biyun fa, ina za mu je? Kuma ina tsoron kada likitanta ya ji haushi ya ga kamar mun raina shi.

Hajiya Rabi Zariya: Ni Shika na kai mahaifiyarmu, asibitin koyarwa na ABU, akwai sashen masu kansa da gashi. Abin da na koya, kada ki je hannu rabbana. Mun je da takardar sakamako kawai aka mayar da mu. Suna son hoton kansa a faifai, ba bayanin da aka buga ba, da katin da ke nuna me aka sha, nawa, yaushe. Ki ɗauki komai a waya kafin ki miƙa wa kowa.

Sista Hadiza: Shika, ko Asibitin Ƙasa na Abuja, ko na Danfodiyo a Sakkwato, duk akwai likitocin wannan fanni. Ki zaɓi wanda ya fi kusa, tunda wataƙila can za a tura ta gashi daga baya. Amma kafin ku hau mota, ki tambayi likitanta ko an kai fayil ɗinta zaman da likitoci ke yi tare, mai tiyata da mai kemo da mai gashi da mai duba nama. In asibitin na yin wannan zaman, ra'ayin mutum huɗu kika samu ba ki biya kuɗin mota ba. Maganar jin haushi, ki ce masa dangi ne suka nemi a ƙara ji don hankalinsu ya kwanta, ya taimaka da takardar bayani. Yawancinsu za su rubuta.

Baban Ummi: Ki sani dai ba lalle HMO ta biya kuɗin ganin na biyun ba sai da takardar turawa da lamba. Wasu sukan ce tunda akwai likitan a asibitinta ba za su ba da ba.

Maman Khalil: To in su biyun suka saɓa fa? Wannan ya ce kaza, wancan ya ce kaza, wa za mu bi?

Sista Hadiza: Ki sa na biyun ya rubuta dalilinsa, ki kai wa na farko, su yi magana a waya. Akwai wuraren da duka hanyoyin biyu daidai ne, sai a duba zuciyarta da aljihunku. Amma mu ga HER2 tukuna. Af, kuma tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kowace allura, in zafin jikinta ya kai 38, asibiti kai tsaye ko da tsakar dare ne, ba farasitamol a gida ba.

Hajiya Rabi Zariya: Tirastuzumab ɗin nan fa Sista, mu sau uku muka iya saye muka tsaya. Har yau ina tunanin ko ukun sun yi wani amfani.

Maman Khalil: Allah ya jiƙan mahaifiyarku da rahama, Hajiya Rabi. Na samo lambar a jikin takardar, gobe ƙarfe takwas ina ɗakin gwajin. Baban Ummi, takardar bulon likita ne zai sa hannu ko sai ta bi ta teburin inshora?