Lakcar farko ta lissafin nod: wane misali ke fara zuwa, kuma supanod ya shiga ko a bar shi?

SabonMalami:
Assalamu alaikum malamai. An ba ni kos na sakit na 'yan aji biyu, kuma sati mai zuwa zan fara lissafin nod, awa biyu ce lakcar, ɗalibai sun haura ɗari. Sun riga sun yi dokar Om da dokokin Kirchhoff. Tsarin da na yi shi ne minti ashirin na tuna musu KCL da yadda ake zaɓar girawun, sai misalai uku, na farko nod ɗaya, na biyu nod biyu, na uku supanod. Ga na farkon: batir 12 V, daga kansa razista 4 Ω zuwa nod ɗin, daga nod ɗin kuma 6 Ω da 12 Ω duk sun sauka girawun.

```
(V - 12)/4 + V/6 + V/12 = 0
3V - 36 + 2V + V = 0
V = 6 V
```

Don Allah waɗanda suka taɓa koyar da shi, a ina yara suka fi maƙalewa? Kuma misali uku bai yi yawa ba?

TsohonHannu:
Wa alaikumus salam. Misalinka na farko ya yi, kar ka taɓa shi. Ni shekarar da na fara koyarwa kuskuren da na yi shi ne na bar kowa ya zana kibiyar karent yadda ransa ya so, na ce ai duk ɗaya ne amsa za ta fito, kuma gaskiya ne za ta fito, amma ga wanda ya riga ya iya. Da na karɓi takardun gwaji mafi yawan waɗanda suka faɗi a alamar ɗebewa suka faɗi, mutum ya zana kibiya tana shiga nod amma ya rubuta V - 12 maimakon 12 - V. Tun daga lokacin doka ɗaya nake ba su: ka tsaya a kan nod ɗinka, ka ɗauka duk karent ɗin razistoci fita yake yi, boltej ɗin inda kake tsaye shi ke gaba, na maƙwabci shi ake ɗebewa, a raba da razista. Shi ke nan. A allo har cewa nake "nawa a cire naka".

Sannan kar ka tsaya a V = 6, nan ne mutane ke gaggawa. Ka mayar da shi ciki su gani da idonsu: (6 - 12)/4 ya ba da -1.5 A, ma'ana karent ɗin shigowa yake ba fita ba, 6/6 ya ba da 1 A, 6/12 ya ba da 0.5 A. Ɗaya da rabi ya shigo, ɗaya da rabi ya fita. Yaron da ya ga wannan tun a misalin farko ya daina tsoron amsa mai alamar ɗebewa.

Ɗalibar_aji_uku:
Malam ni bara na yi kos ɗin, bari in faɗi abin da ya same mu. Mu matsalarmu tun kafin a kai ga lissafi ne, ba mu san mene ne nod ba. A zanen akwai ɗigo uku a layin ƙasa, sai na ƙirga su nod uku, ashe duk waya ɗaya ce tunda babu komai a tsakaninsu. Sai da wata ƙawata ta ɗauki biro kala-kala ta bi kowace waya da kala ɗaya har inda ta ci karo da razista ko batir sannan na gane. In da hali ku shiga aji da maka kala uku, wallahi zai rage muku aiki.

SabonMalami:
Madalla, wannan ban ma yi tunaninsa ba. Zan sa shi a cikin minti ashirin na farko.

MaiSola:
Ni fa abin da na sani girawun dole ƙafar nagatif ta batir ce, in ka zaɓi wani wuri amsa za ta fito ba daidai ba. Haka aka koya mana kuma haka nake yi a wajen aiki in ina auna layin batir da inbata, baƙar wayar mita a nagatif, ja tana yawo.

TsohonHannu:
Ɗan'uwa a aikace abin da kake yi daidai ne, kuma shi ya fi sauƙi, domin in ka ɗora girawun a nagatif ɗin batir to nod ɗin da ke kansa ka san shi kyauta, 12 V ne, ba sai ka rubuta masa komai ba. Amma ba dole ba ne. Ɗauki misalin nan, ka mayar da girawun kan nod ɗin tsakiya: kan batir zai zama +6 V, ƙasa ta zama -6 V, tsakaninsu dai 12 ne, karent a razista 4 Ω har yanzu 1.5 A. Lambobin nod sun canja, karent bai canja ba. Kamar ka matsar da baƙar wayar mitarka ne kawai.

MaiSola:
To na ji, sai na gwada da mita. Amma dai ga mai koyo ni a ganina a bar shi a nagatif ɗin.

MalamaA:
A rana ta farko nima haka nake yi, a nagatif. Ni a kan misali na biyu zan yi magana don shi ne zuciyar lakcar, kuma shi nake ba minti arba'in cur. Ga wanda nake amfani da shi shekara da shekaru: sos na karent 1 A yana shiga nod 1, sos 3 A yana shiga nod 2, razista 3 Ω daga nod 1 zuwa girawun, 5 Ω daga nod 2 zuwa girawun, sai 4 Ω a tsakanin nod biyun.

```
V1/3 + (V1 - V2)/4 = 1   ->   7V1 - 3V2 = 12
V2/5 + (V2 - V1)/4 = 3   ->  -5V1 + 9V2 = 60
V1 = 6 V,  V2 = 10 V
```

Da gangan na zaɓi lambobin. Ka ninka layin farko da 3 ka haɗa da na biyu, V2 ta ɓace, 16V1 = 96, babu wanda zai ɓata lokaci a lissafi ya manta da sakit ɗin. Kuma V2 ya fi V1, saboda haka (6 - 10)/4 ya fito -1 A, karent daga dama yake zuwa hagu, akasin yadda idon yara ya saba. Ni nake rubuta na nod 1, na nod 2 kuma in ajiye maka in ce kowa ya rubuta nasa, in zaga cikin aji minti biyar. Kullum sai na samu da yawa sun kwafo (V1 - V2)/4 sun sa a nod 2 ɗin ma, suna cewa ai razista ɗaya ce me zai sa ta canja. Nan ne nake tsayawa in ce razistar ɗaya ce amma kai ne ka tashi ka koma ɗaya gefen. In ka bar wannan ya wuce a ranar farko zai bi su har jarrabawa.

Wani abin dubawa da nake nuna musu: kafin a ninka don kawar da kason, abin da ke gaban V2 a layin farko -1/4 ne, abin da ke gaban V1 a layi na biyu ma -1/4 ne. In babu sos mai dogaro da wani karent ko boltej a sakit ɗin, dole su yi daidai, in sun saba to akwai kuskure. Amma ka gaya musu bayan an ninka da 12 da 20 wannan daidaiton ya tafi, kar su ga -3 da -5 su tsorata.

Ɗan_poli:
Ba a kalkuleta ake yi ba? fx-991ES, ka danna MODE, 5, 1, ka zuba lambobi shida ta ba ka amsa. Mu haka muka yi ta wucewa.

MalamaA:
Tana warwarewa, amma abin da ka zuba mata take warwarewa. Wanda ya rubuta nod 2 da alama a juye ita ma za ta ba shi amsa tsaf ba tare da ta yi ƙorafi ba. Nakan nuna musu ita a sati na biyu in mun kai nod uku.

'YarLab:
Ni a ɗakin gwaji nake aiki, gargaɗi ɗaya. Wani malami ya taɓa turo ɗalibai su haɗa irin misalin farkon nan da ƙananan razistocinmu na kwata wat, razistar 4 Ω da 1.5 A ai wat 9 ke nan, kafin mu ankara ta yi baƙi tana hayaƙi. In kana so ka shiga aji da abin nunawa, ɗauki batir 9 V, razista 1 kΩ zuwa nod, sai 2.2 kΩ guda biyu zuwa ƙasa. Lissafi zai ba da wajen 4.7 V, mita za ta nuna kusa da haka, ba za ta zo cif ba saboda razistocin masu zoben zinare kashi 5 cikin ɗari suke iya kaucewa kuma batirin ma ba lallai 9 ne daidai ba. Su rubuta hasashensu tukuna sannan ka auna. Ka kuma tuna musu in razista a kΩ take to karent a mA yake fitowa.

TsohonHannu:
Maganar supanod kuma, ni ban yarda a sa shi ranar farko ba. Na gwada sau biyu, ya zo a minti goma sha biyar na ƙarshe lokacin wasu sun fara haɗa jaka, kwafa kawai suka yi. Gara misali na uku ya zama nod biyu mai batir a jikin girawun, su yi da kansu.

MalamaA:
Malam a nan mun saba. Ni ina sawa, amma ƙarami, kuma ba na faɗin sunansa sai sun maƙale da kansu. Sos 3 A yana shiga nod 1, 4 Ω daga nod 1 zuwa girawun, 2 Ω daga nod 2 zuwa girawun, batir 6 V a tsakani, kansa na fozitif a nod 1. Sai in ce su rubuta nod 1. Za su rubuta V1/4 su tsaya, don babu razistar da za su raba da ita a reshen batir. To sai in zagaye nod biyun da batirin a da'ira ɗaya, in ce abin da ya shiga da'irar nan shi zai fita.

```
V1/4 + V2/2 = 3
V1 - V2 = 6
V1 = 8 V,  V2 = 2 V
```

A 4 Ω akwai 2 A, a 2 Ω akwai 1 A, jimla 3. Kuma wannan 1 A ɗin ta cikin batir ya bi, ya shiga ta fozitif, ma'ana caji batirin yake yi. Sos ya ba da wat 24, razistoci sun ci 16 da 2, batir ya sha 6. MaiSola wannan ai aikinka ne na kullum.

TsohonHannu:
Misalin ya yi kyau Malama, ba musu. Amma ajinki mutum nawa ne? Shi fa ya ce sun haura ɗari, zagayen minti biyar ɗin nan a irin wannan aji sai ya ci sha biyar.

MalamaA:
Nawa bai kai haka ba gaskiya.

SabonMalami:
Na gode ƙwarai, Allah Ya saka. Zan ɗauki misalin Malama na biyu yadda yake, da maka kala uku, da batir 9 V ɗin 'YarLab bayan misalin farko. Supanod zan rubuto shi a takarda in riƙe, in mun gama na biyu da saura minti talatin zan shiga, in bai kai ba zan zana sakit ɗin a allo kawai in ce su gwada rubuta nod 1 a gida su zo su gaya min inda suka tsaya.