Na aika wa farfesoshi 34 saƙo, ɗaya kaɗai ya amsa: ku da kuka dace, yaya kuka yi?

Ɗan Rimi: Assalamu alaikum. Na gama digiri na biyu a fannin noma, ina neman na uku a waje. Tun bayan ƙaramar salla nake aika wa farfesoshi imel, Jamus da Ingila da Kanada, yanzu sun kai 34. Mutum ɗaya ya amsa, layi biyu, wai ba shi da gurbi. Don Allah waɗanda suka bi hanyar nan su faɗa mana yadda tasu ta kasance.

Maman Hanif: Wa alaikumus salam. Kafin komai, saƙo ɗaya kake kwafa kana canja suna? Ni haka na yi. Wata rana na aika wa wata farfesa a Holan saƙon da ke ɗauke da sunan wani farfesa na Beljiyam, ban goge ba. Ta amsa kuwa, ta ce da alama ba ita nake nema ba. Kwana biyu ban iya buɗe akwatin imel ɗina ba don kunya.

Ɗan Rimi: Gaskiya haka nake yi, Maman Hanif. Amma ina duba sunan sosai.

Malam Na Göttingen: To ƙanena, ga inda gizo ke saƙar. Bari in ba ka labarin nawa dalla-dalla, don ni ma sai da na ɓata shekara guda.

Saƙonnina na farko da gaisuwa suke farawa irin tamu, ina gajiya, yaya iyali, sai tarihin rayuwata tun daga firamare, sai roƙo a taimaka min saboda halin da ƙasa ke ciki. Wanda ke samun irin wannan da yawa kowane mako ba ya wuce layi na uku. Ba rashin tausayi ba ne, babu abin da zai yi da shi ne.

Saƙon da ya yi aiki bai kai kalma 200 ba. Na yi digirina na biyu a kan wuta-wuta a gonar dawa. Na samo wata maƙala da wani farfesa ya wallafa a kan ciyawar, na karanta ta har sau uku, har na lura cewa duk gwajin a cikin tukwane aka yi shi, ba a fili ba. Ni kuma ina da bayanan damina biyu daga gonaki na gaske. A kan saƙon na rubuta:

```
PhD supervision enquiry: Striga in sorghum, DAAD application
```

Sakin layi na farko, ko ni wane ne da abin da na karanta, jimla biyu. Na biyu, maƙalarsa da abin da na gani a gona wanda bai yi daidai da sakamakonsa ba, da tambayar da nake son bi. Na uku, na ce zan nemi tallafin karatu na hukumar DAAD ta Jamus, wanda ke buƙatar wasiƙa daga farfesan Jamus cewa ya yarda ya duba aikina, na faɗi ranar rufewa, na tambaya ko zai duba tsarin bincikena mai shafi biyu. Na haɗa CV da tsarin a PDF, ba takardun shaida goma sha ba. Bayan kwana tara ya amsa da tambayoyi uku a kan yadda na ƙirga tsiron ciyawar. Mun yi wata biyu muna gyaran tsarin kafin ya rubuta wasiƙar. Shi ya sa wanda ya aika saura sati biyu a rufe ya makara, ko da saƙonsa ya yi kyau.

Abu ɗaya kuma: DAAD na duba shekarun da suka wuce tun da ka karɓi digirinka na ƙarshe, a wannan tallafin yawanci kada su haura 6. Duba naka tukuna.

Injiniya Bature: Duk na yarda, ban da maganar kuɗi. Ƙa'ida ita ce kada ka ambaci sikolashif a saƙon farko ko kaɗan. Da sun ga kuɗi sai su ɗauka abin da ya kawo ka ke nan.

Malam Na Göttingen: Injiniya, akwai bambanci tsakanin “ka ba ni kuɗi” da “ga inda zan nemo kuɗi”. Na farko nauyi ne a kansa, na biyu ɗalibi ne da ba zai biya daga aljihun aikinsa ba. Kuma a Jamus, idan farfesa yana da kuɗin ɗaukar ɗalibi, galibi tallata gurbin ake yi kamar aikin albashi, a nema ta shafin jami'a.

Injiniya Bature: Ni dai ban ambata ba, kuma na samu. Sai a hira ta bidiyo shi da kansa ya tayar da zancen.

Hajiya Turai: Ni shirun da na yi a kan kuɗi shi ya cuce ni. Wani farfesa a Ingila ya yi murna da batuna, muka yi ta musayar saƙo wata huɗu, jami'a ta ba ni gurbi. Na riga na gaya wa mahaifiyata, har an fara yi min addu'ar tafiya. Sai na tambayi kuɗin makaranta, ya ce ai ya ɗauka ina da mai biya min. A lokacin an riga an rufe neman sikolashif ɗin Commonwealth na shekarar. Takardar gurbin tana nan a cikin akwati. Yardar sufabaiza daban, kuɗi daban, musamman a Ingila. Ka tambaya tun a saƙo na farko ko na biyu.

Sadauki: Ni ma ina son yin digiri na biyu na shekara ɗaya a Ingila, a harkar kasuwanci. Wane farfesa zan aika wa? Kuma ana biyansu wani abu ne?

Hajiya Turai: Sadauki, naka na aji ne, ba na bincike ba, ba ka buƙatar farfesa. Fom za ka cike a shafin jami'ar. Kuma duk wanda ya ce ka turo kuɗi don a samo maka wasiƙar farfesa, ɗan damfara ne.

Ummi Zinder: Nawa na Japan ne, tallafin gwamnatinsu na MEXT ta ofishin jakadanci. A can tsarin a juye yake: sai ka tsallake tantancewar farko ta ofishin, da jarrabawa da hira, sannan ka nemi wasiƙar amincewa daga jami'o'i. Kafin nan na rubuta wa mutum huɗu, shiru. Da na sake rubutawa na ce na tsallake, biyu suka amsa cikin mako ɗaya. Kuma Ɗan Rimi, ka leƙa `Spam`, amsa ɗaya a can na tsince ta bayan kwana goma sha ɗaya.

Ɗan Rimi: Na leƙa, babu komai sai tallace-tallace. To waɗanda suka yi shiru, in sake tuntuɓarsu?

Maman Hanif: Sau ɗaya, bayan sati biyu, a ƙarƙashin saƙon farko. Kuma ka lura da lokaci, watan Agusta yawancin na Turai suna hutu.

Malam Na Göttingen: Ni a ganina kada ka tuna musu da saƙon da bai ce komai ba. Zaɓi biyar daga cikin 34 ɗin, waɗanda suka wallafa abu a fanninka cikin shekara uku da suka wuce, ka rubuta sabo. Wasu a jerinka ma wataƙila sun yi ritaya. Me ka yi bincike a kai?

Ɗan Rimi: Ajiyar wake a buhun PICS mai hana iska shiga, Malam, yadda ƙwari ke mutuwa a ciki. Ina da bayanan wata shida daga kasuwanni uku. Ban saka ko ɗaya a saƙon ba, na ɗauka sai an tambaya.

Malam Na Göttingen: Buhun ai daga Jami'ar Purdue ta Amurka ya fito, ka fara duba masu aiki a kansa. Sai dai can kwamitin sashe ne ke ɗaukar ɗalibai, farfesa goyon baya kawai zai ba ka, fom dole ne. Turo min tsarin naka yau da dare, in gani ko ya kai shafi biyu.