Me za mu kira "merang" da Hausa?

Maman 'Yan Biyu, Samaru: Salamu alaikum. Ina rubuta wa ɗalibaina darasin kek, na maƙale a kalmar "merang", farin ƙwan nan da ake bugawa da sukari har ya tsaya. Me za mu ce masa?

Uwargida, Gyallesu: Kumfar ƙwai mana. Sai dai ni na daina kek da farin ƙwai zalla. Wancan makon na yi na bota, giram 200 na fulawa, na cire gwaiduwar ƙwai huɗu don ya fito fari tas. Farin ya yi, amma bai tashi sosai ba, ga danƙo, kashegari ya bushe. Ina jin farin ba shi da ruwa ne.

Anti Mai Kek, Sabon Gari: Hajiya, bushewar gaskiya ce, amma ba rashin ruwa ba ne. Kusan kashi 90 cikin ɗari na farin ƙwai ruwa ne. Abin da ba shi da shi maiƙo ne. Ragowar furotin ne, shi ke daskarewa in ya ji wuta ya riƙe jikin kek. Gwaiduwa kuwa kusan sulusinta mai ne, ita ke kawo laushi da garɗi, kuma ita ke sasanta bota da ruwa kada kwaɓin ya tsinke. Kin bar mai ɗaurewa, kin cire mai sassautawa, dole ya yi danƙo.

Sannan awon ya ragu. Ƙwai babba in an fasa wajen giram 50 ne, farinsa 30. Huɗu ke nan 200, ke kuma 120 kika zuba. Gobe ki sa farin ƙwai bakwai, ki ƙara man gyaɗa cokali ɗaya da rabi, ki buga farin daban, ki juya shi cikin kwaɓin a hankali daga ƙasa zuwa sama. Iskar da kika kulle ciki ce zafi ke buɗawa ta ɗaga kek.

Amarya, Tudun Wada: Ni dai na kazar Hausa na fi so, gwaiduwarsa ta fi ja.

Maman 'Yan Biyu: Ƙanwata, suna muke nema. Anti, kin yarda da kumfar ƙwai?

Anti Mai Kek: Ban ƙi ba, amma yarinya za ta ga kumfar minti ɗaya ta ce ta gama. Ni "tsayayyar kumfa" nake cewa, don sunan ya faɗi awon: ki ɗaga maburgi, tsinin ya tsaya bai langaɓe ba, yana sheƙi. In ya yi gudaji yana tsatsar ruwa, an zarce. In kuma ya ƙi tashi sam, duba kwanon, ɗigon gwaiduwa ko maiƙo ya isa ya hana.

Uwargida: Sunan ya yi tsawo, kuma ina sukarin a cikinsa? Ai ko ba sukari tana tsayawa.

Maman 'Yan Biyu: To, zan rubuta tsayayyar kumfa ga marar sukari. Mai sukarin kuma a kawo wani kafin ajin Asabar.