An kwashe Corbeille da takardun mutane a ciki: wa ya taɓa maido da nasa?

Hajiya mai sakatariya, Tawa: Salamu alaikum ƴan uwa. Ina da shagon buga takardu a nan Tawa. Jiya da marece yaron shagona ya ga kwamfuta ta yi nauyi, sai ya shiga share-share. Ya jefa duk abin da ke cikin wani dosiye a Corbeille, wato kwandon sharar kwamfuta, kuma ya danna Vider la corbeille. A cikin dosiyen akwai memuwar ɗin wata ɗaliba, shafi 74, da takardun neman aiki na mutane da dama. Yarinyar nan ranar Litinin za ta kai wa malaminta. Wanda irin haka ta taɓa samunsa, don Allah ya gaya mini yadda ya yi.

Isufu mai gyara, Yamai: Wa alaikumus salam Hajiya. Kafin komai, kwamfutar tana kunne yanzu? In tana kunne a kashe ta. Kada a buga komai, kada a shiga intanet da ita, kada a saka mata wata manhaja, ko da ta maido da fayil ce.

Ga dalili. Idan kika goge fayil ya tafi Corbeille, bai motsa daga inda yake kan faifai ba. Windows yana da ɓoyayyen dosiye mai suna $Recycle.Bin a kowane ɓangaren faifai. Sai ya sauya wa fayil ɗin suna zuwa wani abu kamar $R4K2P9X.docx, ya ƙirƙiri wani ɗan ƙarami mai farawa da $I, inda yake rubuta sunan asali, da wurin da aka ɗauko shi, da ranar da aka goge. Da wannan ƙaramin ne Restaurer yake sanin inda zai mayar da abu. To idan aka kwashe kwandon, nan ma ba a bin rubutun a shafe shi. Ana dai yi wa wurin alama cewa babu kowa. Kamar gidan haya ne da mai gida ya soke sunan ɗan haya daga littafi: kayansa suna ɗaki har ranar da sabon ɗan haya ya shigo. Duk abin da kika adana daga jiya zuwa yau, sabon ɗan haya ne.

Abdu Bukoki: Hajiya kwantar da hankalinki, ai babu abin da ke gogewa a kwamfuta har abada. Ni hotunan bikin ƙanwata na maido bayan wata biyu, da manhajar Recuva, ko ɗaya bai ɓace ba.

Isufu mai gyara, Yamai: Abdu, ka yi sa'a, amma kada ka ba ta tabbacin da babu. Hotunan a ina suke?

Abdu Bukoki: A wani faifan waje da nake ajiyewa cikin akwati.

Isufu mai gyara, Yamai: Shi ya sa. Wata biyu ba a rubuta komai kansa ba. Na Hajiya a C: yake, inda Windows kansa yake ta rubuce-rubuce ko ba ka taɓa komai ba. Sannan akwai maganar irin faifan. Tsohon faifai mai juyawa, HDD, yana barin bayanai har sai an rubuta wani abu a kansu. Sabon faifai marar juyawa kuwa, SSD, yana da abin da ake kira TRIM: da an kwashe kwandon, Windows yana sanar da shi wuraren da ba a buƙata, shi kuma ya share su da kansa, sau da yawa cikin ɗan lokaci kaɗan. Wani ɗan kasuwa ya kawo mini sabuwar kwamfutar hannu mai SSD kwana ɗaya da gogewa. Sunayen fayilolin sun fito, girmansu daidai, amma da muka buɗe sifili ne zalla a ciki. Ban iya yi masa komai ba, kuma abin ya tsaya mini a rai, don lissafin bashinsa ne na shekara.

Maman Nafisa: Ni ma na taɓa shiga wannan tashin hankali. Na kai kile ɗina wani shagon intanet, da na dawo gida duk dosiyoyina sun koma raccourci, babu abin da ke buɗewa. Ɗan yayata ya buga wannan, komai ya dawo:

```
attrib -h -r -s /s /d E:\*.*
```

Ki gwada Hajiya.

Isufu mai gyara, Yamai: Maman Nafisa, naki ƙwayar cuta ce ta ɓoye su, ba a goge su ba. Umarnin daidai ne ga wannan matsalar, amma ba zai taimaki Hajiya ba. Tunda kin ambaci kile, mutane su sani: abin da aka goge daga kile ba ya biyawa ta Corbeille, kai tsaye yake tafiya. Haka ma in an danna Maj tare da Suppr.

Hajiya mai sakatariya, Tawa: Malam Isufu na kashe ta. Amma gaskiya da safe mun buga wasiƙu da ita, kuma yaron ya sauke Recuva ɗin a kanta don ya gyara ɓarnarsa kafin in zo. Tsohuwa ce mai akwati, tana ƙara in tana aiki.

Isufu mai gyara, Yamai: Wataƙila mai juyawa ce, amma a duba takardar da ke manne jikin faifan. Ki sami mai gyara nan Tawa ya ciro faifan, ya haɗa shi da wata kwamfuta, ya yi binciken daga can. Abin da aka samo a zuba shi kan kile, ba kan faifan da ake bincike ba. Ki gaya masa kada ya tsaya neman sunan memuwar ɗin kawai, don sau da yawa da sunan $R ɗin nan suke fitowa. Ya tace masu ƙarewa da .docx, ya duba girma da kwanan wata. Recuva yana sa ɗigo gefen kowane fayil: kore yana da kyakkyawan fata, ja an riga an rubuta a kansa. In bai gani ba sai PhotoRec, wanda ba ya kula da sunaye, yana bin faifan ne yana gane fayil daga farkonsa. Zai zubo dubbai masu suna irin f1234567.docx, sai an yi haƙurin buɗewa.

Malam Sani, malamin makaranta: Hajiya, kafin a kwance kwamfuta, kin tambayi yarinyar ko kin taɓa tura mata ta WhatsApp don ta duba? Ni da haka na tsira da jarabawar da na shirya.

Hajiya mai sakatariya, Tawa: Allah ya saka muku da alheri. Ga inda muke. HDD ne. Mai gyaran ya samo takardun neman aiki guda 9 da ɗigo kore, duk sun buɗe. Memuwar ɗin ya fito da sunan $R, girmansa ya yi daidai, amma ɗigonsa ba kore ba ne, kuma Word ya ce ba zai iya karanta shi ba. Malam Sani, ka yi gaskiya, akwai wanda na tura mata makon jiya, sai dai ya tsaya a shafi 51. Babi na ƙarshe ne babu.

Abdu Bukoki: To Recuva ɗin da yaron ya sauke ne ya hau kansa.

Isufu mai gyara, Yamai: Zai yiwu, ko wasiƙun safe, ko Windows ɗin kansa. Hajiya kada ki jefar da lalataccen. Fayil ɗin .docx a haƙiƙa ƙunshi ne na zip. A yi kwafinsa, a sauya ƙarshen sunan zuwa .zip, a gwada buɗewa da 7-Zip. In ya buɗe, a nemi word/document.xml, nan rubutun yake. Idan hotunan ciki ne aka taka, rubutun zai iya fita lafiya. In shi aka taka, to sai rubutun hannunta.

Hajiya mai sakatariya, Tawa: Gobe da safe zai gwada. Na ce wa yarinyar ta kawo takardun hannunta yau da dare, mu fara buga babin daga shafi 52 a kwamfutar maƙwabcina.