Bayan an ce "ba ke aka ɗauka ba": a tambayi dalili ko a yi shiru?

Auta: Salamu alaikum ƴan uwa. Na nemi aikin mataimakiyar kontabul a wata ƙungiya a nan Damagaram, na yi jarabawar kwamfuta, na kai har ganawa da kwamiti. Shekaranjiya saƙo ya zo, wai ba ni aka ɗauka ba. Ina son tura wa Madam ɗin da ta kira ni wannan: "Madam ina wuni. Na ga saƙonku amma gaskiya na yi mamaki, don na amsa duk tambayoyin kuma ina da sitaj har biyu. Ina son in san don me ba a ɗauke ni ba." Yayana ya ce kada in tura komai, wai duk wanda ya tambayi dalili bayan an ƙi shi roƙo yake, kuma ya zubar da kansa. Haka ne?

Shugaban fada: Yayanki ya fi ki sanin gari. An gama rabo tun kafin a manna takardar. Me za su ce miki? "Mun ba ɗan ƙanwar darekta"? Ki bar su da Allah, ki kai dosiyenki gaba.

Malamin lakwal na Birni: Ni ban yarda roƙo ba ne, matambayi ai ba ya ɓata. Abin da ya dame ni gajartar saƙon. Mace ce babba, ta girme ki, sai ki jefa mata layi uku kamar kina aiken yaro kasuwar Dole? A gaishe ta da kyau, a tambayi gida da aiki, a gode, a faɗi yadda aka yi karatu, sannan a shigo da magana. Ko shafi guda ne ya yi.

Hajiyar biro: Auta ɗiyata, kada ki tura wancan. Amma ki tura wani. Na zauna a kujerar kwamitin ɗaukar ma'aikata, bari in gaya miki abin da Madam za ta ji in ta karanta naki.

A yawancin ƙungiyoyin nan ba mutum ɗaya ke zaɓe ba. Mutum uku ko huɗu ne ke zama, kowa da takardar maki a gabansa, a ƙarshe a haɗa, a rubuta rahoto, kowa ya sa hannu. To in kika ce "don me ba a ɗauke ni ba", kin sa ta a gaba ta kare hukuncin da ba nata ita kaɗai ba. Ba za ta iya amsawa ba sai ta taɓo makin wanda aka ɗauka, abin da ba ta da izinin yi. Abu biyu za ta yi: ko ta yi shiru, ko ta nuna wa shugabanta ta ce ga wata tana ƙorafi. Duka biyun ba su amfane ki ba.

Sai kuma tsakiyar saƙon. "Amma", "na yi mamaki", "na amsa duk tambayoyin", "ina da sitaj har biyu". Duk wannan sun sani, sebe ɗinki na hannunsu, sun gani kuma suka zaɓi wani. In kika maimaita musu, abin da kike cewa shi ne sun yi kuskure. Wa zai zauna ya ba wanda ya ce ya yi kuskure shawara? Ki cire duk wata jimla da ke magana a kan cancantarki. Ga yadda zan rubuta da ni ce:

"Madam barka da aiki. Na samu saƙonku, na gode da damar da kuka ba ni har zuwa ganawa, Allah ya taya wanda aka ɗauka riƙo. In kun samu sarari, wane abu ɗaya kuke ganin ya kamata in ƙarfafa kafin wata dama, aikin Excel ne ko yadda na amsa tambayoyi? Ko kalma biyu ce za ta taimake ni."

Layin farko ya nuna kin karɓa, maganar ta mutu, ba ƙara kika ɗaukaka ba. Daga nan ne hankalinta zai kwanta ta karanta sauran. Tambayar kuma a kanki take, ba a kan zaɓensu ba, kuma kin ba ta abu biyu ta zaɓa, tana iya amsawa tana tsaye bakin mota. In da Faransanci za ki rubuta, tsarin bai canza ba.

Shugaban fada: Hajiya da girmanki, wannan ai lallashi ne. An cuce ki kuma kina yi wa wanda ya ci addu'a.

Hajiyar biro: Ɗana, ban ce ba a son kai ba, ana yi. Amma ko an yi, me ta rasa da layi uku? Kuma wanda ya kai ganawa yakan kasance cikin ƴan kaɗan na ƙarshe. Wurare da yawa suna ajiye sunan na biyu da na uku, don wanda aka ɗauka kan ƙi albashin, ko ya ƙi zama Tanut ko Gure in can aka tura shi, ko ya kasa a watannin gwaji. Ranar da za a buɗe jerin nan, ana tuna wanda ya rabu da mutane lafiya.

Ɗan kabu-kabu: Ni dai da iyayen yarinya suka ƙi ni kawu na tura, ya je ya ji dalili, ashe maganar gida ce. Ki tura babba kawai.

Ƴar Zango: Kai malam, aiki ake magana ba aure ba!

Ɗan kabu-kabu: To ai duk ƙi ne.

Malamin lakwal na Birni: Ku bar dariya, maganarsa da ƙamshin gaskiya. A garin nan abin da ba a faɗa maka a ido ana faɗa wa babbanka. In akwai wanda ya san Madam, ya tambaya cikin hira, za a fi samun gaskiya.

Hajiyar biro: Za a fi samun labari, Malam, ban sani ba ko gaskiya. Ni in kawun wani ya same ni a wurin suna ya ce "yaya aka yi da ɗiyarmu", abin da nake ji shi ne ana neman a sake zama, sai in ce "Allah bai yi ba" in kawar da zance. Yarinyar kuma na riga na sa mata alama: wannan in an ɗauke ta, ran da aka yi mata faɗa kawu zai zo. Kan gaisuwa kuwa na yarda da kai rabi. Dole a gaisa, amma "barka da aiki" ta isa a rubuce. Doguwar gaisuwa ta baki ce, inda ake amsa maka ɗaya bayan ɗaya. A waya kuwa, in ta ga saƙo ya cika fuska sai ta ce "in na samu lokaci", shi ke nan ya nutse.

Malamin lakwal na Birni: Ban gamsu ba. Dattijo irin na da, in ya ga layi uku zai ce yarinya ba ta da tarbiyya. Ya danganta da wanda ake rubuta wa.

Ƴar Zango: Bari in ba ku nawa. Na gama a jami'ar André Salifou, na nemi irin wannan aikin a wata ƙungiya, aka ƙi ni bayan ganawa. Na rubuta gajere kamar yadda Hajiya ta ce. Mutumin ya kira ni da kansa, bai rubuta ba. Ya ce Excel ɗina ba laifi, na yi RECHERCHEV, dabarar nemo bayani a tebur, daidai, amma da aka tambaye ni tsarin lissafin ƙungiyoyi sai na yi ta zuba a kan SYSCOHADA, tsarin lissafin kamfanoni, alhali tun 1 ga Janairu 2024 ƙungiyoyin da ba na neman riba ba suna da nasu, SYCEBNL. A lakwal, tsarin kamfanoni muka fi sani. Da ban tambaya ba da har yau ina cewa hanya ce ba ni da ita. Auta, ke ma an yi miki wannan tambayar?

Auta: Wallahi an yi, Yaya. Na ce na taɓa jin sunan. Sai ɗaya ya rubuta wani abu.

Hajiyar biro: To kin ga, wataƙila kin riga kin san amsar. Sai ki gyara tambayar ta zama: "sanin SYCEBNL ne ya fi ja ni baya, ko akwai wani abu da ban lura da shi ba?" Wannan ta fi waccan, don ta nuna kin zauna kin yi wa kanki hisabi. Amma kada ki ƙara da "ai ba a koya mana ba". Gaskiya ce, sai dai uzuri ne, kuma da shi saƙon ya koma gidan jiya.

Abin da Ƴar Zango ta faɗa na kira ma ku riƙe shi. Mutane da yawa ba sa son barin irin wannan a rubuce, kada a ɗauki hoto a yaɗa. In an kira ki, aikinki saurare. Za ta faɗi abin da ba ki yarda da shi ba, bakinki zai yi ƙaiƙayi ki ce "a'a Madam, abin da nake nufi shi ne". Haɗiye. Ki ce na gode, in ba ki gane ba ki nemi misali ɗaya, ki tsaya nan. Da yawa sukan rubuta saƙo mai kyau su ɓata shi a wayar.

Ɗan Mirya: Ni na tura irin wannan wurare da dama, ko "mun gani" ban samu ba. Duk tatsuniya ce.

Hajiyar biro: Ka kai ganawa a wuraren?

Ɗan Mirya: A'a, dosiye na ajiye, ba a kira ni ba.

Hajiyar biro: To naka daban ne. A matakin dosiye ba wanda ya san fuskarka, takardu ne tuli, ana duba difloma, shekarun aiki, katin ANPE in an nema, wanda bai cika ba a ajiye gefe. Ba wanda zai tuna dalilin naka, balle in adireshin da ka rubuta wa na tara dosiye ne kawai. Gara ka ba wanda ya san aikin sebe ɗinka tare da sanarwar ya gwada maka su. Haka konkur na gwamnati, can jerin sunaye ake fitarwa, ba wurin wannan saƙon ba ne. Wannan na wanda ya zauna gaba da gaba da mutum ne, kuma ga mutumin za a aika.

Auta: Yaushe zan tura? In kuma ta ce "wani ya fi ki ƙwarewa" kawai fa?

Hajiyar biro: Gobe da safe, lokacin aiki, kada ya wuce mako, tun tana tuna ki. Rubutu, ba murya ba, don murya takan tona fushin da mutum ke ɓoyewa. In ta ba ki wannan amsar, ƙofa ce ta rufe cikin ladabi, ko ba a ba ta izini ba. Ki gode ki bari. In ta yi shiru ma ni shawarata ki bari.

Ƴar Zango: Nan kam Hajiya mun rabu. Ni sai da na tuna wa mutumin bayan mako guda kafin ya kira, ashe yana daji wurin aiki. Tuni ɗaya ba laifi.

Hajiyar biro: Kin ci sa'a. Ni in an tuna mini sai in ji kamar bashi ake bi na.

Malamin lakwal na Birni: Auta, ko mene ne dai ki ƙara "da fatan kuna lafiya da iyali". Ba zai kashe kowa ba.

Auta: Na ƙara, Malam, ya zama layi huɗu. Gobe ƙarfe 9 zan tura. Yayana dai har yanzu yana cewa ba za ta amsa ba, mun yi da shi in ta amsa shi zai saya mini littafin SYCEBNL.

Shugaban fada: Ku ce masa kada ya damu, kuɗinsa na nan.